Taƙaitaccen darasin rabon gado da yadda za ku yi bita da shi kafin jarrabawa

Assalamu alaikum 'yan ajinmu, maza da mata. Ina fatan kowa yana lafiya, ya kuma karatu?

Saura kwana goma a shiga jarrabawar ilimin gado, kuma na san da yawanmu littafin rubutunmu ya cika maƙil amma idan aka ajiye mana mas'ala ɗaya sai hannu ya tsaya. Na zauna na tace abin da Malam ya karantar da mu a zangon nan, na fitar da abin da mutum ba zai iya warware mas'ala ba sai da shi. Shi ne na turo muku a nan. Amma ina roƙonku, don Allah kada ku ɗauke shi abin hadda kawai. Na jera shi ne bisa tsarin da ake bi wajen warware mas'ala, daga abin da ake fara dubawa zuwa na ƙarshe, kuma amfaninsa yana cikin bin jerin nan da biro a hannu. Duk abin da ke ciki a kan mazhabar Malikiyya yake, kamar yadda aka karantar da mu.

Abu na farko da za ku yi: ku samu fallen takarda biyu ku kwafe taƙaitawar da hannunku. Kada ku tsaya ga karantawa a waya. Fallen farko ya ɗauki rabo da masu rabo, na biyu ya ɗauki hajabu, wato katange wani magaji daga gado, da lissafi. Kwafar ba za ta wuce rabin awa ba, kuma ita kanta bita ce.

Kafin a taɓa rabo

Ba a raba abin da mamaci ya bari sai an cire abubuwa bi da bi: haƙƙin da ya rataya a kan wani kaya takamaimai, kamar abin da aka jinginar, sai kuɗin shirya gawa, wato likkafani da haƙa kabari da makamantansu, sai bashi, sai wasiyya, abin da ya rage shi ne na magada. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji, sai in sauran magada sun yarda. Ku lura da kyau: sulusin nan na abin da ya rage ne bayan an biya bashi, ba na dukiyar gaba ɗaya ba. Wannan wuri ne da maki ke zubewa tun kafin a fara mas'alar.

Sai a duba ko akwai wanda wani dalili ya hana shi gado: bambancin addini, ko kisan ganganci. Wanda ya yi kisa bisa kuskure yana gadon dukiyar a wajen Malikiyya, amma ba ya cin komai daga diyya. Haka mutum biyu da suka rasu tare, kamar a haɗarin mota, ba a san wanda ya riga wani ba, ba sa gadon juna.

Rabo shida da masu su

Ayoyin da aka gina wannan babi a kansu suna cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Rabon da aka ƙayyade guda shida ne, kuma sun fi sauƙin riƙewa idan aka jera su layi biyu. Layin farko: rabi, rubu'i, sumuni, wato 1/2, 1/4, 1/8. Layi na biyu: sulusi biyu, sulusi, sudusi, wato 2/3, 1/3, 1/6. A kowane layi, na gaba rabin na bayansa ne. Ku rubuta su haka a saman takardarku, domin wannan jerin zai sake yi mana aiki idan mun zo fitar da asalin mas'ala.

Akwai kalma ɗaya da za ta yi ta maimaituwa, wato reshe. Idan na ce mamaci yana da reshe, ina nufin ya bar ɗa, ko 'ya, ko ɗan ɗa, ko 'yar ɗa, har ƙasa ta wajen maza. Jikan da ya zo ta wajen 'ya mace ba ya cikin lissafin nan.

Rabi na mutum biyar ne: miji idan matar ba ta bar reshe ba, 'ya idan ita kaɗai ce, 'yar ɗa, shaƙiƙiya, da 'yar'uwa li'abiya, wato wadda aka haɗa uba kawai. Matan nan huɗu kowacce tana samun rabi ne idan ita ɗaya ce, babu namiji ɗan'uwanta tare da ita, babu kuma wanda ya fi ta kusa da zai sauya mata rabo. Rubu'i na biyu ne: miji idan akwai reshe, mata idan babu. Sumuni na mata ne idan akwai reshe. Ko mace ɗaya ce ko huɗu, rubu'in ko sumunin guda ɗaya ne suke rabawa a tsakaninsu. Sulusi biyu na waɗancan mata huɗu ne masu rabi, idan sun kai biyu ko fiye. Sulusi na uwa ne idan babu reshe kuma 'yan'uwan mamaci ba su kai biyu ba, sai kuma 'yan'uwa li'ummai, wato waɗanda aka haɗa uwa kawai, idan sun kai biyu, su kuma namiji da mace daidai suke rabawa. Sudusi na bakwai ne: uba da kaka namiji idan akwai reshe; uwa idan akwai reshe ko 'yan'uwa biyu zuwa sama; kaka mace; 'yar ɗa tare da 'ya guda ɗaya; li'abiya tare da shaƙiƙiya guda ɗaya; da li'ummi ko li'ummiya idan mutum ɗaya ne.

Malamai suna tara adadin nan a kalma ɗaya, habadabaz, bisa lissafin haruffan abajada: ha biyar, ba biyu, alifi ɗaya, dal huɗu, ba biyu, zai bakwai. Jimilla ashirin da ɗaya. Ga yadda za ku yi amfani da ita: ku kife takardar, ku ɗauki fara, ku rubuta 5, 2, 1, 4, 2, 7 a gefe, sannan ku cike sunayen daga ka. Idan kun zo sudusi kuka samu shida, kun san akwai wanda ya ɓace, sai ku nemo shi a ƙwaƙwalwa kafin ku leƙa. A wajena 'yar ɗa ce take yawan ɓacewa. Ku yi wannan sau ɗaya da safe, sau ɗaya da dare, kwana uku a jere, kuma kowane suna ku faɗe shi tare da sharaɗinsa. Suna ba sharaɗi ba ya warware komai.

Wanda ba shi da ƙayyadadden rabo, asaba ne: yana kwashe abin da ya rage, idan babu saura ya tashi hannu rabbana. Jerinsu: ɗa, ɗan ɗa, uba, kaka, shaƙiƙi, li'abi, 'ya'yansu maza, sannan baffa da 'ya'yansa maza. Ɗa yana jan 'yar'uwarsa su zama asaba tare, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya. Shaƙiƙiya ko li'abiya kuma idan ta haɗu da 'ya ko 'yar ɗa, ta bar rabinta ta koma mai kwashe saura. Uba yana da hali uku: sudusi kawai idan akwai ɗa namiji, sudusi da saura idan reshen mata ne zalla, asaba tsantsa idan babu reshe. Kawu da gwaggo da inna ba sa cikin magada, ko da an rubuto su a tambaya.

Hajabu, inda aka fi faɗuwa

A gwajin da muka yi a tsakiyar zango, lissafina daidai yake daga farko har ƙarshe, amma na ba shaƙiƙi rabo alhali uban mamaci yana raye. Mas'alar gaba ɗaya ta rushe, domin duk lambar da ta biyo baya a kan kuskure aka ɗora ta. Tun daga ranar na daina rubuta kowace lamba sai na gama tantance wanda zai ci da wanda ba zai ci ba. Shi ya sa nake so ku ba wannan sashe lokaci fiye da kowanne.

Mutum shida ba a taɓa katange su gaba ɗaya: uba, uwa, ɗa, 'ya, miji, mata. Rabonsu yana iya raguwa, amma ba sa fita. Sauran kuwa, ga abin da za ku riƙe. Ɗa yana katange ɗan ɗa da 'yar ɗa da dukkan 'yan'uwa da baffanni. Uba yana katange kaka namiji, da kakar da ta zo ta wajensa, da dukkan 'yan'uwa. Uwa tana katange kowace kaka mace. Shaƙiƙi yana katange li'abi. Li'ummai kuma su ne mafi saurin fita: kowane reshe, namiji ko mace, yana fitar da su, haka uba da kaka namiji. 'Ya'ya mata biyu idan sun cinye sulusi biyu, 'yar ɗa ba ta da komai, sai in akwai ɗan ɗa da zai ja ta su zama asaba.

Akwai wani abu mai ɗan wuyar shiga kai. Wanda wani magaji ya katange yana iya rage wa wani rabo ko da shi bai ci ba. Mutum ya bar uba da uwa da shaƙiƙai biyu. Shaƙiƙan ba su da komai saboda uba, amma kasancewarsu ta sauko da uwa daga sulusi zuwa sudusi. Mas'alar daga 6 take: uwa 1, uba 5. Saboda haka idan kun katange mutum, ku ja layi ɗaya siriri a kan sunansa, kada ku goge shi, ku rubuta sunan wanda ya katange shi a gefe. Mai duba takarda ma yana son ganin dalilin.

Asali, awlu da gyaran mas'ala

Asalin mas'ala shi ne ƙaramar lambar da duk rabon zai fita daga cikinta ba tare da ɓari ba. Bakwai ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24. A nan layuka biyun nan suke dawowa. Idan duk rabon daga layi ɗaya suke, ku ɗauki babbar lambar ƙasa. Idan layukan sun gauraya, ku dubi mafi ƙanƙantar rabo na layin farko: rabi da wani na layi na biyu ya ba da 6, rubu'i ya ba da 12, sumuni ya ba da 24.

Wani lokaci idan aka tara kason kowa sai ya zarce asalin. Wannan shi ne awlu, kuma a zamanin Sayyadina Umar aka fara hukunci da shi. Asali uku ne kawai ke hawa: 6 tana zuwa 7, 8, 9 ko 10; 12 tana zuwa 13, 15 ko 17; 24 tana zuwa 27. Wannan jerin ma'auni ne a hannunku. Idan kuka ga 12 ta hau zuwa 14, ko 8 ta yi awlu, ku koma baya, akwai wanda kuka ba abin da ba nasa ba.

Ga misali. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da shaƙiƙai mata biyu, dukiya naira 2,400,000. Miji rabi, domin babu reshe. Shaƙiƙai sulusi biyu. Uwa sudusi, domin 'yan'uwa sun kai biyu. Asali 6: miji 3, shaƙiƙai 4, uwa 1, jimilla 8. To da 8 za a raba kuɗin, ba da 6 ba. Kowane kaso naira 300,000: miji 900,000, shaƙiƙai 600,000 kowacce, uwa 300,000. Wanda ya manta ya raba da 6 zai ga yana neman naira 3,200,000 daga dukiyar da ba ta kai haka ba.

Yanzu mu bi mas'ala ɗaya doguwa daga kai har ƙafa, irin wadda ake sa wa maki mai yawa. Ku ajiye karatun a nan, ku gwada ta da kanku, sannan ku dawo ku gwada da nawa.

Mutum ya rasu ya bar mata biyu, uwa, 'ya'ya maza biyu, 'ya'ya mata uku, shaƙiƙi ɗaya, da jika namiji wanda ubansa, ɗan mamacin, ya riga shi rasuwa. Dukiya naira 16,000,000. An kashe 180,000 wajen shirya gawa, ana binsa bashin 700,000, kuma ya yi wa jikan nan wasiyya da 6,000,000.

Mu fara da cirewa. 180,000 da 700,000 sun zama 880,000, saura 15,120,000. Kafin mu taɓa wasiyya sai mun san ko jikan magaji ne, domin in magaji ne wasiyyar ba ta zartuwa. Akwai 'ya'ya maza a raye, sun katange shi, don haka ba magaji ba ne, wasiyyarsa ta inganta. Na san wannan hukunci yana taɓa zuciya, maraya yana kallo baffanninsa suna raba dukiyar kakansa, kuma wasiyya ita ce ƙofar da aka bar wa kakan ya kula da shi. Amma tana da iyaka. Sulusin 15,120,000 shi ne 5,040,000, nan za ta tsaya, sai in magada sun yarda da ƙarin. Abin rabawa ya zama 10,080,000.

Sai hajabu: shaƙiƙi ya fita saboda ɗa, jika ya fita saboda ɗa. Sai rabo: mata sumuni, uwa sudusi, 'ya'ya asaba. Sumuni ya haɗu da na layi na biyu, asali 24. Mata 3, uwa 4, saura 17 na 'ya'ya.

A nan ne aiki yake. Kaso 3 ba zai rabu ga mata biyu ba. 'Ya'ya kuma ana ƙirga namiji kai biyu, mace kai ɗaya, maza biyu kai huɗu, mata uku kai uku, jimilla kai 7, kuma 17 ba ta rabuwa ga 7. Wannan shi ne inkisari, maganinsa tas'hihi. Muna da lambobin kawuna biyu, 2 da 7, babu lambar da ke raba su duka, sai mu buga su: 14. Wannan 14 za mu buga a asali da kason kowa. 24 sau 14 ya ba da 336. Mata 42, kowacce 21. Uwa 56. 'Ya'ya 238, a raba ga kai 7 ya ba da 34, wato kowace 'ya 34, kowane ɗa 68.

Sai kuɗi. 10,080,000 a raba da 336, kowane kaso naira 30,000. Kowace mata 630,000. Uwa 1,680,000. Kowane ɗa 2,040,000. Kowace 'ya 1,020,000. Mataki na ƙarshe, wanda ba na so kowa ya tsallake: a tara. 1,260,000 da 1,680,000 da 4,080,000 da 3,060,000 sun koma 10,080,000 cif. In bai koma ba, kuskuren yana cikin bugu ko rabawa. In ya koma, lissafi ya yi, amma ku sani tarawa ba ta kama kuskuren hajabu, shi sai an sake duban sunaye.

Ƙarin bayani kan tas'hihi: kafin ku buga yawan kawuna, ku duba ko akwai lambar da ke raba kawunan da kasonsu. 'Yan'uwa mata shida da kaso 4, biyu tana raba duka, don haka 3 za ku ɗauka, ba 6 ba. In kun ɗauki 6 kuɗin zai fito daidai, amma mas'alar ba ta zo a mafi ƙanƙantar lamba ba, kuma ana rage maki a kan haka.

Sai mas'aloli biyu da ake kira Garrawani ko Umariyyatani, waɗanda suke saɓa wa abin da ke kan takardarku. Idan magada miji ne ko mata tare da uba da uwa kawai, uwa tana ɗaukar sulusin abin da ya rage bayan rabon miji ko matar. Da miji: daga 6, miji 3, uwa 1, uba 2. Da mata: daga 4, mata 1, uwa 1, uba 2. Ku zana musu akwati daban a ƙasan takarda. In kaka namiji ne a madadin uba, uwa ta koma sulusinta cikakke.

Yadda za ku raba kwanakin

Kwana ukun farko na rabo ne da sharuɗɗa, kamar yadda na faɗa. Na huɗu da na biyar na hajabu ne kawai: ku haɗu biyu-biyu, ɗaya ya jero magada shida ko bakwai da baki, ɗayan ya faɗi wanda ya fita da wanda ya fitar da shi, ba lissafi ko kaɗan. Daga na shida zuwa na takwas, mas'ala biyar kullum, biyun farko takarda a buɗe, ukun ƙarshe a kife. Duk wadda kuka kuskure, ku rubuta a bayan takardar a wane mataki ne: cirewa, hajabu, rabo, asali, ko tas'hihi. Bayan kwana biyu za ku ga kuskurenku yana taruwa a wuri ɗaya, nan za ku koma a kwana na tara. Na goma ku sake rubuta fallayen biyu daga ka, ku kwanta da wuri.

Ga uku ku fara da su yau. Mata, 'ya, da shaƙiƙiya: daga 8, mata 1, 'ya 4, shaƙiƙiya 3 a matsayin asaba. Miji, 'ya, 'yar ɗa, da baffa: daga 12, miji 3, 'ya 6, 'yar ɗa 2, baffa 1. Mata, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa: daga 24 ta hau 27, mata 3, 'ya'ya 16, uba 4, uwa 4. Wannan ta ƙarshe ita ce Minbariyya, wadda ake danganta amsarta ga Sayyadina Ali yana kan mumbari, inda sumunin matar ya koma tusu'i, domin 3 cikin 27 ɗaya bisa tara ne. Ku rufe amsoshin da hannu kafin ku fara.

Akwai abubuwan da na bari da gangan domin ba sa taƙaituwa ba tare da an ɓata su ba: gadon kaka tare da 'yan'uwa, Akdariyya, Mushtaraka, munasakha, gadon ciki, da maganar raddi da baitulmali. Waɗannan ku koma littafinku da bayanin Malam. Kuma 'yan'uwa, wannan takarda ta jarrabawa ce. In an yi rasuwa a gida aka ce ai kai kana karanta gado, zo ka raba, ku kai su wajen alƙali ko malamin da ya ƙware, domin a can akwai gona da gida da za a yi wa ƙima, da bashin da sai an tabbatar, da cikin da ake jira, kuma haƙƙin marayu ne.

Wanda ya ga kuskure a lamba ko a hukunci, don Allah ya sanar da ni da wuri in gyara in sake turowa kowa. Ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna a aji mu yi mas'alolin kaka da 'yan'uwa a allo, kowa ya zo da fallayensa biyu da jerin kurakuransa. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya. Wassalamu alaikum.